Yadda sabon likita zai rubuta takardar magani da ba za a karanta ta ta fuska biyu ba

Ba kai ne za ka karanta takardar maganin da ka rubuta ba. Nas ce za ta karanta ta da ƙarfe biyun dare, wataƙila da fitilar waya, tana da majiyyata ashirin a hannunta. Ko kuma mai harhaɗa magunguna da layi ya cika masa taga, ko wani mai kemis a unguwa da dangin majiyyaci suka kai wa takardar saboda maganin ya ƙare a asibiti. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ji bayanin da babban likita ya yi lokacin zagayen safe. Abin da ke kan takarda kaɗai suke da shi. Don haka ma'aunin kowane layi ɗaya ne: idan wanda bai san majiyyacin ba ya karanta, shin akwai wata ma'ana ta biyu da zai iya fitarwa? In akwai, layin bai gama rubutuwa ba.

Kafin alƙalami ya taɓa takarda

Fara da tabbatar da cewa takardar ta wannan majiyyacin ce. A ɗakin da za ka iya samun Aisha Muhammad uku a kwance, suna kaɗai bai isa ba, lambar kati ita ce mai rarrabewa, kuma lambar gado ba shaida ba ce domin ana sauya wa mutane gado. Rubuta cikakken suna, lambar kati, shekaru, kwanan wata. Ga jariri ka rubuta kwanaki ko watanni a fili, domin "3" tsirara ba ta faɗi ko kwana uku ba ne ko shekara uku.

Sai nauyi. Ga yaro, da babban da ya rame, da duk maganin da ake lissafawa da kilo, a ɗora shi kan sikeli yau, a rubuta nauyin da ranar da aka auna. Kimanta nauyi daga shekaru abu ne na gaggawa kawai, kuma a wurin da tamowa ta yawaita lissafin yakan wuce nauyin gaskiya, sai a ba yaro awon da ya fi ƙarfinsa. Idan dole ta sa ka kimanta, rubuta cewa kimantawa aka yi, don wanda ya karɓe ka ya gyara.

Tambayi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, da kuma abin da ya faru lokacin da ya sha. Ƙaiƙayi da kumburin fuska daban, tashin zuciya daban. In babu, rubuta cewa an tambaya kuma babu, domin gurbin da aka bari fayau bai nuna an tambaya ba. Ga mace mai shekarun haihuwa, tambayi ciki da shayarwa. Duba gwajin ƙoda kafin magunguna irin su jentamaisin, digokzin da metfomin.

Sunan magani

Rubuta sunan asali cikakke da manyan baƙaƙe. Sunan kamfani yana canjawa daga shago zuwa shago, kuma shi ne ke sa mutum ya sha farasitamol sau biyu da sunaye biyu, ɗaya na zazzaɓi ɗaya na mura.

Gajerta sunan magani ɗabi'a ce da sabon likita kan ɗauka a makonsa na farko, don ya ga manya suna yi. Amma `CPZ` a wurin wani kulofromazin ne, wani kuma zai kai hannu ga kabamazefin. `AZT` na iya zama zidobudin, ko azatiyofirin, ko azitiromaisin. `HCT` na iya zama haidurokotizon ko maganin fitsari na hawan jini. Wanda ya rubuta `cef` sannan ya ja dogon layi ya bar wa mai karatu zaɓi tsakanin magunguna huɗu ko biyar masu awo daban-daban. Mafi hatsari a ɗakin haihuwa su ne `MS`, `MSO4` da `MgSO4`, domin maganiziyam salfet da mofin salfet suna haɗuwa a cikinsu. Ana ba da na farko da giram, na biyu da miligiram, saboda haka musanya su na iya tsayar da numfashi. Hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta saka waɗannan ukun cikin jerin gajerun rubutun da ta haramta tun 2004, tare da wasu da za mu gani a ƙasa.

Lambobi, inda kuskure ke ninka kansa sau goma

Nan ne ya kamata ka fi rage gudu, domin kuskuren lamba ba ya zuwa kaɗan-kaɗan. Sau goma yake zuwa, ko sau dubu.

Ɗigon da ke raba lamba shi ne mafi ƙanƙantar alama a takardar, kuma shi ne ke fara ɓacewa. Layin takarda ya haɗiye shi, biro ya ƙi fitar da shi, ko hoton da aka ɗauka da waya ya dusashe shi. Dokoki biyu suka fito daga nan. Kada ka bar ɗigo a gaba ba sifili: `.5 mg` idan ɗigon ya ɓata ya koma biyar, don haka ka rubuta `0.5 mg`. Kuma kada ka sa sifili bayan cikakkiyar lamba: `5.0 mg` idan ɗigon ya ɓata ya koma hamsin, don haka ka rubuta `5 mg`. Wanda ya fi duka shi ne kauce wa ɗigon in da hali. Rabin giram ka rubuta shi `500 mg`. Digokzin da ake rubutawa `0.125 mg` ka rubuta shi `125 micrograms`.

Kalmar maikurogiram ka rubuta ta cikakkiya. Alamar `µg` da hannu tana kama da `mg` sosai, bambancin kuwa ninki dubu ne. Haka `cc`, wadda in an yi sauri takan fito kamar sifili biyu, ka bar ta ka rubuta `mL`. Ka bar fili tsakanin sunan magani da lamba, da tsakanin lamba da ma'auni. Sunan da ya ƙare da harafin `l` idan ya manne da lamba, harafin ya zama ɗaya, arba'in ta koma ɗari da arba'in.

Insulin yana da nasa tarko. Idan ka rubuta `10U`, harafin na iya fitowa kamar sifili a karanta ɗari, ko kamar huɗu a karanta ɗari da huɗu. `IU` kuma ana karanta ta `IV` ko `10`. Rubuta `10 units`, da fili a tsakani, tare da cikakken sunan nau'in insulin ɗin da lokacinsa dangane da abinci, domin mai saurin aiki da mai jinkirin aiki ba ɗaya ba ne. Alamar an yi kuskure ita ce majiyyacin da ya fara gumi, karkarwa, ruɗewa ko barcin da ba a iya tada shi bayan allura. A auna sukarinsa nan take, sannan a koma a duba abin da aka rubuta da abin da aka ja a sirinji. Dokar rubuta `units` cikakke ta shafi hefarin da oksitosin ma.

Awo kuma ana rubuta shi da nauyin maganin, wato miligiram, ba da yawan ƙwaya ko kwalba ko cokali ba. "Ƙwaya ɗaya" ba ta da ma'ana idan maganin yana zuwa da ƙarfi uku. Ga maganin ruwa, rubuta miligiram ɗin, da ƙarfin kwalbar, sannan mililitar da za a auna.

Sau nawa, ta wace hanya, har yaushe

A asibitocinmu `bd`, `tds` da `qds` sun zama ruwan dare kuma ma'aikata sun san su. Matsalar tana wurin `qd`, wadda ke nufin sau ɗaya a rana amma harafi ɗaya ne tsakaninta da `qds` ko `qid`, sau huɗu. `qod`, wato tsallake kwana ɗaya, tana rikicewa da duka biyun. `od` a wurin wanda ya yi karatu da tsarin Birtaniya sau ɗaya ce a rana, a wasu littattafan kuma idon dama take nufi. Rubuta `once daily` ka huta. Ga alluran kashe ƙwayoyin cuta, faɗi tazarar awoyi, kamar `every 8 hours`, domin sau uku a rana na iya zama safe, rana da yamma, a bar dare gaba ɗaya ba magani a jini.

Maganin da ba kullum ake sha ba yana buƙatar kulawa ta musamman, kuma metotireksat shi ne babban misali. A ciwon gaɓoɓi da wasu cututtukan fata sau ɗaya ake shan sa a mako. Mutane sun mutu saboda an sha shi kullum: baki ya yi gyambo, ƙwayoyin jini suka faɗi, zazzaɓi ya shigo. Rubuta `ONCE WEEKLY` da sunan ranar, ka soke sauran ranaku shida a jadawalin ba da magani da hannunka, ka kuma faɗa wa majiyyacin da bakinka: "Ranar Litinin kaɗai, Baba, sauran ranaku ba a sha."

Salon nan na `5/7`, `2/52` da `3/12` ya zauna a hannun likitocinmu, amma da mummunan rubutu mako biyu kan koma kwana biyu, kuma mai kemis na unguwa ba lallai ya san shi ba. `for 5 days` ba ta fi shi tsawo da yawa ba. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kasance da ranar tsayawa ko ranar sake dubawa. Duk maganin "in an buƙata" kuma ya zo da abu uku: dalilin ba da shi, mafi ƙarancin tazara, da iyakar abin da za a iya ba da shi cikin awa 24. Hanya ɗaya ga kowane layi. Rubuta `IV/PO` a layi ɗaya ya bar wa nas hukuncin da naka ne, kuma wasu magungunan awonsu ta baki da ta jijiya ba ɗaya ba ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Ga yaro ɗan shekara huɗu da aka kawo da damina, maleriya mai tsanani, yana amai ba ya riƙe komai. Sikeli ya nuna kilo 16. Za a ba shi atesunet ta jijiya.

Matakin farko shi ne zaɓar awon da ya dace da nauyinsa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Yaronmu yana rukunin farko, saboda haka 3 sau 16, miligiram 48. Wanda ya yi amfani da 2.4 don ita ya haddace zai samu 38.4, ya rage wa yaron kashi ɗaya cikin biyar na maganinsa.

Mataki na biyu shi ne mayar da miligiram zuwa abin da za a ja a sirinji. Kwalbar da aka fi samu tana ɗauke da miligiram 60 na gari. Ana narkar da shi da mililita 1 na ruwan baikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe. In ta jijiya ne, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, jimla mililita 6, kowace mililita tana da miligiram 10. In ta tsoka ne, mililita 2 ake ƙarawa, jimla 3, kowace mililita tana da miligiram 20. Don haka miligiram 48 ta jijiya mililita 4.8 ce. Jadawalin da ke manne a bangon ɗakuna da yawa yana cike lambar zuwa sama, ya ce mililita 5, wato miligiram 50. In tsarin asibitinku ke nan, bi shi, amma ka rubuta abin da za a ba da ɗin daidai, kada miligiram ya faɗi wani abu mililita ta faɗi wani.

```
ARTESUNATE injection 48 mg IV
(3 mg/kg x 16 kg; 4.8 mL of 10 mg/mL)
slowly, at 0, 12 and 24 hours, then review
```

Abin da ke cikin baka-biyu shi ne ke ba nas da mai harhaɗa magani damar kama kuskurenka. Idan sun ga awon kowane kilo, da nauyin, da sakamakon, za su iya sake lissafawa cikin daƙiƙa goma. Da mililita 4.8 kaɗai ka rubuta, aka kuma haɗa kwalbar da haɗin tsoka, yaron zai karɓi miligiram 96, ninki biyu. Alamar da za ta tona hakan ita ce buƙatar buɗe kwalba ta biyu, alhali lissafi ya nuna ɗaya ta isa har da saura. Wannan gwaji ne da ya kamata ya zauna maka a kai ga kowace allura: idan awon ƙaramin yaro ya buƙaci kwalabe da yawa, ko ya kai awon babba, tsaya ka sake lissafi.

Sa ainihin lokuta a jadawali. In an ba da ta farko ƙarfe 4 na yamma, ta biyu ƙarfe 4 na asuba ce, ta uku ƙarfe 4 na yammacin gobe. Allurar asuba ita ce ke yawan salwanta idan ba a rubuta lokacinta ba. Kowace allura sabon haɗi take so, domin maganin ba ya daɗewa bayan an narkar da shi, ana amfani da shi cikin awa ɗaya a zubar da saura.

Zazzaɓinsa kuma farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo, wato 240. Ruwan da ke da miligiram 120 a kowace mililita 5 zai zama mililita 10. Amma akwai na ɗigawa na jarirai mai miligiram 100 a mililita ɗaya, kuma mililita 10 daga wannan miligiram 1000 ce, fiye da ninki huɗu. Shi ya sa ƙarfin kwalba dole ya fito:

```
PARACETAMOL syrup 240 mg orally
(10 mL of 120 mg/5 mL) every 6 hours if fever
maximum 4 doses in 24 hours
```

Bayan allura uku, idan yaron ya iya sha, sai a ba shi cikakken atemita da lumefantirin na kwana uku. Ga nauyinsa, ƙwaya biyu ne na ƙarfin 20/120 a kowane shan, sau shida gaba ɗaya. A nan ma akwai rami. Akwai ƙwayar manya mai ƙarfin 80/480 a kasuwa, kuma uwar da aka ba takarda mai cewa "ƙwaya biyu" ba tare da ƙarfi ba za ta iya sayo wannan, yaron ya sha ninki huɗu. Rubuta ƙarfin, ka ce ta kawo kwalin ka gani in zai yiwu, ka gaya mata ta ba shi da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya fi tsotse maganin.

Wani abu da ke kama sababbin likitoci a magungunan yara shi ne bambancin awon yini da awon kowane sha. Amoksisilin na ciwon huhu, misali, wani littafi zai ce miligiram 80 ga kilo a yini, wani ya ce 40 ga kilo sau biyu a yini, kuma magana ɗaya ce. Wanda ya ɗauki 80 ɗin ya rubuta ta sau biyu ya ninka maganin. Duk lokacin da ka buɗe littafin awo, nemi kalmar da ke bayan lambar kafin ka danna kalkuleta.

Maganin da ake faɗin ƙarfinsa da kaso cikin ɗari

Ruwan da aka ce kashi 1 cikin ɗari ne yana da miligiram 10 a kowace mililita. Daga nan sauran suke fitowa. Maganiziyam salfet mai kashi 50 yana da miligiram 500 a mililita. Ga mai ciki da ke jijjiga, a tsarin da aka fi bi, ana fara da giram 4 ta jijiya a hankali, a ruwa mai kashi 20, tare da giram 5 a tsokar kowane ɗuwawu. Giram 4 ɗin mililita 8 ce ta mai kashi 50, a ƙara mata mililita 12 na ruwan allura ta zama 20. Rubuta wannan haɗin a takarda, kada ka bar shi a ka. A ƙarƙashinsa rubuta sharuɗɗan allura ta gaba, wadda ke zuwa bayan awa huɗu: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa tana harbawa in an buga, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Ka kuma tabbatar kalsiyam gulukonet giram 1 yana kusa, domin shi ne makarinsa.

Adirenalin ma haka. `1:1000` miligiram ɗaya ne a mililita, `1:10,000` kuma kashi ɗaya cikin goma na wannan. Rubuta miligiram da hanya tare da ƙarfin. Fotasiyam kulorayid kuwa ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya ko kaɗan. Layinsa dole ya faɗi adadin, da ruwan da za a zuba shi ciki, da yawan ruwan, da awoyin da zai ɗauka yana sauka.

Gyara, tsayarwa da umarnin baki

Idan awo ya canja, kada ka bi ta kan lambar da biro ka mai da 2 ta zama 4. Ja layi ɗaya a kan tsohon rubutun yadda za a iya karanta shi, sa kwanan wata da hannunka, ka rubuta sabon layi cikakke. Gajerta `D/C` tana nufin tsayar da magani, tana kuma nufin sallamar majiyyaci, saboda haka rubuta `STOP` tare da dalili. Sannan ka nemi nas ɗin da ke kan aiki ka faɗa mata, domin canjin da aka yi shiru bayan ta riga ta jera magungunan yamma ba zai kai ga majiyyaci ba sai gobe. Idan ana kwafe jadawalin da ya cika zuwa sabo, ajiye su gefe da gefe ka bi layi-layi, ka kiyaye ainihin ranar da aka fara kowane magani, in ba haka ba jentamaisin na kwana biyar zai zarce kwana goma ba wanda ya lura sai ƙoda ta fara gazawa.

Umarnin baki ko na waya na gaggawa ne kawai. Faɗi lambar ɗaya bayan ɗaya, "ɗaya, biyar", domin a Turancin da ake aiki da shi sha biyar da hamsin suna kama a kunne. Nemi a maimaita maka abin da aka ji, ka zo ka rubuta ka sa hannu da zarar ka samu sarari. Inda ake rubuta magani a kwamfuta, matsalar mummunan rubutu ta tafi amma wata ta shigo: zaɓar sunan da ke sama ko ƙasa da wanda kake nufi, da karɓar awon manya da na'urar ta cike da kanta. Karanta layin da ya fito a allo kafin ka tura.

A ƙarshen kowace takarda sa hannunka, ka rubuta sunanka yadda za a karanta, da hanyar da za a same ka, ka ja layi a filin da ya rage don kada a ƙara wani abu. Idan nas ko mai harhaɗa magani ya kira ya ce, "Likita, wannan awon ya yi mini yawa," ɗauko takardar da kalkuleta ku sake lissafin tare tun daga nauyi. In kuma an riga an ba da maganin, fara da duba majiyyacin, sanar da babban likitan da ke sama da kai nan take, rubuta abin da aka ba da da lokacinsa a fayil, sannan ka cike rahoton kuskure bisa tsarin asibitinku.